Ina data ke tafiya? Lissafin abin da waya ke ci ba tare da ta tambaye ka ba

Mai waya da lokaci yake auna datarsa. Zai ce bai fi rabin awa ya yi a kan intanet ba yau, ko kuma ya ce jiya ko taɓa wayar bai yi ba sai da daddare. Kamfanin layi kuwa ba ruwansa da lokaci. Abin da yake ƙirgawa shi ne nauyin duk abin da ya ratsa layin, wanda ya shigo wayar da wanda ya fita daga cikinta, ko tana hannunka ko tana aljihu, ko idonka biyu ko kana barci. Daga wannan saɓanin awo ne yawancin ƙorafin "an zuƙe mini data" ke tasowa. Ba wai kamfani ba ya kuskure ba ne. Sai dai kafin a kai ga zarginsa akwai ayyuka uku da wayar kanta ke yi, waɗanda in aka lissafa su sukan cike giɓin ba tare da saura ba: bidiyo mai kunna kansa, ajiyar kwafin hotuna da saƙonni a intanet, da sabunta manhajoji a bayan fage.

Mutane sun fi tsoron na ƙarshen, domin shi ne ba sa gani. A ganina an juya abin. A wayar mafi yawan mutane bidiyo ne babban mai ci, kuma a gaban idonsu yake cin.

Ga lissafin. Ana auna gudun bidiyo da megabit a daƙiƙa, data kuma ana sayar da ita da megabayit, wato MB, kuma megabit takwas ne ke yin MB ɗaya. YouTube ya bayyana gudun da kowane matakin kyan hoto ke buƙata: kusan megabit 1.1 a daƙiƙa ga 480p, 2.5 ga 720p, 5 ga 1080p. Ɗauki na tsakiya. Raba 2.5 gida takwas, ka ninka da daƙiƙa sittin, za ka samu kusan MB 19 a minti ɗaya. Awa guda a haka ta haura GB ɗaya. A 480p minti ɗaya bai fi MB 8 da ɗan kai ba, a 1080p kuwa ya kusa 38. Ainihin abin da bidiyo ke ci yakan yi ƙasa da haka ko sama, gwargwadon yadda aka matse shi da yawan motsin da ke cikinsa, amma tsakanin matakan tazarar ba ta canzawa sosai. Saƙon rubutu kuwa, ko dubu ka tura, da ƙyar su kai nauyin minti ɗaya na bidiyo. Wanda ya wuni yana hira a rubuce, sannan ya yi minti goma yana kallo kafin ya kwanta, zai rantse hirar ce ta cinye masa data, alhali minti goman nan ne.

To wa ke zaɓar matakin kyan hoton? In ba ka sa hannu ba, manhajar ce. Ana ajiye bidiyon a gutsattsare, kowane gutsure na 'yan daƙiƙu, kuma kowanne yana da kwafi a matakai daban-daban. Manhajar tana auna saurin da gutsuren baya ya iso da shi, in ta ga hanya a buɗe take sai ta nemi na gaba a mataki mafi girma. Wannan ne amsar abin da mutane da yawa suka lura da shi, kuma gaskiyarsu ne: tun da suka koma 4G ko 5G, ko suka sayi sabuwar waya, data ta daina daɗewa. MB ɗaya a kan 3G shi ne MB ɗaya a kan 5G. Abin da ya canza shi ne bidiyon da a da yake zuwa a 360p yana tsaitsayawa, yanzu yana zuwa a 1080p sumul, nauyinsa ya ninka sau da yawa. Ga kuma ƙari: a da tsaitsayawar kan gundure ka ka ajiye wayar, yanzu babu abin da zai tsayar da kai. Abin takaicin shi ne a fuskar waya mai faɗin tafin hannu, ido ba ya cika bambance 720p da 1080p, amma ma'aunin data yana bambancewa, har ninki biyu.

Kunna kai da bidiyo ke yi yana ƙara wani abu a kan wannan. Don bidiyo ya tashi nan take da zarar ya bayyana, dole a ce an riga an sauke farkonsa tun kafin yatsanka ya kai gare shi. Saboda haka manhajojin gajerun bidiyo suna sauke wani ɓangare na wanda kake kallo gaba da inda ka kai, suna kuma ɗauko farkon waɗanda ke biye. Ka kalli daƙiƙa uku, bai yi maka ba, ka ture shi sama. Daƙiƙun da aka riga aka sauke ba ka gani ba sun tafi, an cire su daga datarka, kuma babu mai dawo da su. Ke nan mai saurin turewa, wanda yake ganin kamar bai kalli komai ba, zai iya cin data a minti fiye da wanda ya zauna ya kalli abu ɗaya har ƙarshe. Haka ma wanda ya shiga Facebook ko Instagram don karanta rubutu kawai: duk bidiyon da ya gifta ya fara motsi, har da na talla, a kan kuɗinsa ya motsa.

Bari mu ɗauki misali mu bi shi da alƙalami. A ce mutum ya sayi GB 5 na wata guda. In ana son ta kai kwana talatin, rabon kowace rana kusan MB 167 ne. A ce hirarsa ta WhatsApp da saƙonnin murya da 'yan hotuna da duba labarai suna cin MB 40 a rana. Da wannan kaɗai ne, da wata zai ƙare bai ci ko rubu'in datar ba, kuma wannan shi ne lissafin da ke kansa lokacin da yake saye. Amma yana yin minti goma sha biyar kacal a rana yana zagaya gajerun bidiyo a 720p. Wannan kusan MB 280 ne. Jimillar rana ta zama 320, wato ya kusa ninka rabonsa tun ba a zo ga abin ɓoye ba.

A cikin makon farko sai ya halarci wani taro, ya ɗauki bidiyo na minti goma da hotuna hamsin. iPhone tana nuna wa mai ita a saitin kyamara cewa minti ɗaya na bidiyon 1080p yana kai kusan MB 60, na 4K kuma 170, har zuwa 400 in an zaɓi mafi santsin motsi. Mu ɗauki mafi sauƙin: minti goma MB 600. Hotuna hamsin, a ce kowanne MB 3, sun ba da 150. In an bar wa manhajar hotuna damar ajiye kwafi ta kan data, to MB 750 sun fita daga wayar ba tare da ya danna komai ba. A ƙara masa da sabunta manhajoji, a ce MB 400 a wannan tsakanin. Cire 750 da 400 daga 5,000, saura 3,850. Raba da 320, kwana goma sha biyu ke nan. Datar wata ta ƙare kafin tsakiyar wata, kuma babu MB ɗaya da ya ɓace. Abin lura a nan shi ne rabon laifin: bidiyon minti goma sha biyar ya ɗauki kusan kashi biyu cikin uku, hirar da yake ganin ita ce "amfaninsa" ba ta kai kashi ɗaya cikin goma ba.

Ajiyar kwafi ita ce ta fi rikita mutane, saboda dalili biyu. Na farko, da yawa suna ɗauka saukewa kawai ake cirewa kuɗi. A'a, ɗorawa ma ana ƙirga ta daidai wa daida. Na biyu, abin da ake ɗorawa shi ne fayil ɗin asali ko abin da ya kusa da shi, ba irin wanda WhatsApp ke matsewa kafin ya tura ba. Mutum ya tura bidiyo ga abokinsa ya ga an rubuta MB 15, sai ya ɗauka nauyinsa ke nan, bai san na cikin kyamara ya ninka haka sau da yawa ba, kuma shi ne Google Photos ko iCloud za su ɗauka. Bidiyo ɗaya ma yana iya fita sau uku: manhajar hotuna ta ɗora shi, ka tura shi a WhatsApp, sannan WhatsApp ya sake ɗora kwafinsa cikin ajiyar hirarka in ka kunna `Include videos` a ƙarƙashin `Chat backup`. In kuma kana da wata na'urar da ke kan asusu ɗaya, ita ma tana iya sauko da shi.

Ita ajiyar ba kullum take ci ba, shi ya sa ba a gane ta. Tana iya yin makonni shiru, domin ba ka ɗauki wani abu mai nauyi ba, sannan ta kwashe GB guda a dare ɗaya. Lokutan da ta fi yin ɓarna sanannu ne: bayan ranar da aka yi ɗauke-ɗauke da yawa, ranar da aka fara kunna ta a wayar da ta tara hotunan shekaru, da ranar da aka sayi sabuwar waya aka ce ta dawo da komai. Kuma wayoyi an gina su ne su jinkirta irin wannan aiki zuwa lokacin da ba a amfani da su, galibi suna kan caji. Shi ya sa labarin kusan iri ɗaya ne a bakin kowa: na kwanta da data, na tashi babu.

A yi adalci, masu ƙera waɗannan manhajoji sun san da matsalar. Google Photos a saitinsa na asali yana jiran Wi-Fi, kuma a ƙarƙashin `Mobile data usage` yana ba da damar sa iyakar abin da zai ci a rana ko hana shi gaba ɗaya. WhatsApp yana da makunnin `Back up using cellular`. Play Store yana da `Auto-update apps`, inda za a zaɓi `Over Wi-Fi only`. To in haka ne, me ya sa mutanen da suka saita komai a kan "sai da Wi-Fi" har yanzu suke kuka?

A nan tarkon yake, kuma shi ne abin da na fi son mai karatu ya riƙe. Duk tsarin an gina shi a kan zato ɗaya: data ta layi tana da iyaka, Wi-Fi kuwa ba shi da iyaka. Ga wanda ke da intanet na gida mara ƙayyadewa, zaton daidai ne. Amma mutane da yawa Wi-Fi ɗinsu ba komai ba ne illa `Hotspot` na wata wayar, ko ƙaramar na'urar nan da ake sa wa layi, kuma data ɗin da ke cikinta ƙirgaggiya ce kamar kowace. Na'urar da ta haɗu da ita sau da yawa ba ta san haka ba. Ita dai ta ga Wi-Fi. Duk ayyukan da aka ce su jira, sun taru suna jira kamar ruwan da aka datse, sai a buɗe musu ƙofa lokaci guda: manhajoji ashirin su fara sabuntawa, hotunan mako uku su fara hawa, bidiyoyin rukunonin WhatsApp su fara saukowa, domin a nan ma saitin `When connected on Wi-Fi` yakan fi na data sakin hannu. Mai `Hotspot` ya ba ɗan'uwansa aron minti goma don ya tura saƙo ɗaya, ya duba ya ga rabin datarsa ta tafi. Ɗan'uwan bai yi ƙarya ba da ya ce saƙo ɗaya ya tura.

Kwamfuta ta fi waya muni a nan. Windows yana ɗaukar Wi-Fi a matsayin mara iyaka sai an gaya masa akasin haka, kuma sabuntawarsa tana iya kai ɗaruruwan MB, manyan ma su haura GB. Maganin shi ne a gaya wa na'urar gaskiya game da wannan Wi-Fi ɗin. A Windows ana shiga bayanan hanyar a kunna `Metered connection`. A Android ana shiga saitin wannan Wi-Fi ɗin a zaɓi `Treat as metered`, ko da yake sunan yakan ɗan bambanta daga waya zuwa waya. A iPhone ana kunna `Low Data Mode` ga wannan hanyar, abin da ya zo da iOS 13 a 2019. Wayoyin Android kan gane `Hotspot` na junansu su ɗauke shi a matsayin ƙirgagge, amma ban ga hikimar dogara da hakan ba alhali dubawa ba ta ɗaukar minti ɗaya. Ana yin saitin ne ga kowace hanya daban, wato in ka canza na'urar Wi-Fi ko sunanta, sai ka sake.

Akwai kishiyar wannan tarkon ma. Kana kan Wi-Fi na gaske, ka saki jiki kana ta amfani da intanet, sai ƙarfinsa ya ragu, wayar ta koma kan data a hankali don kada aikinka ya tsaya. A iPhone sunansa `Wi-Fi Assist`, ya zo da iOS 9 a 2015, kuma a kunne yake zuwa. Wayoyin Android da yawa suna da irinsa da sunaye daban-daban.

Sabunta manhajoji ita kanta ba sai an daɗe a kanta ba. Shagunan manhaja sukan aiko da ɓangaren da ya canza ne kawai, don haka sabuntawa ɗaya ba ta kai nauyin manhajar gaba ɗaya ba. Yawa ne ke kawo nauyin: wayar da ke da manhaja tamanin, manyan cikinsu suna fitar da sabon zubi kusan kowane mako ko biyu, har da waɗanda ba a buɗe ba tun bara. Ban da haka akwai ɗan leƙe-leƙen da manhajoji ke yi, na duba sabon saƙo, ɗauko labarai da talla don su kasance a shirye. Kowanne kaɗan ne, sai an tara. Ba na goyon bayan a kashe sabuntawa kwata-kwata a manta da ita, domin ta nan ake toshe kafofin tsaro, musamman a manhajar banki da ta shiga intanet. A sa ta a hannu, a riƙa yi lokacin da aka zaɓa, a kuma goge abin da ba a amfani da shi.

Ta yaya mutum zai san wanne ne ke cin tasa? Kowanne yana da alamarsa, kuma wayar tana riƙe da shaidar. A Android, a shafin amfani da data, akwai zanen da ke nuna yadda ta tafi kwana bayan kwana, da jerin manhajoji daga mafi ci zuwa ƙasa. In ka taɓa manhaja za ka ga an raba cinta gida biyu, `Foreground` da `Background`, wato abin da ta ci tana buɗe a gabanka da abin da ta ci a bayanka. In zanen yana hawa a hankali kullum, kuma manhajar da ke sama ta sada zumunta ce mai babban `Foreground`, to bidiyo ne, kuma kashe ayyukan bayan fage ba zai taimaka da komai ba. In zanen yana tafiya a kwance sai ya yi tsalle a rana ɗaya, kuma manhajar hotuna ko ta ajiya ce ke da babban `Background`, ajiyar kwafi ce. In Play Store ne ko wani sashe na tsarin wayar, sabuntawa ce. In kuwa babban layin na `Hotspot` ne, to ba a wayarka ɓarnar take ba, je ka duba na'urar da ka ba aro. WhatsApp yana da nasa lissafin a `Network usage`, wanda ya raba abin da aka aika da abin da aka karɓa, sai dai shi yana haɗa na Wi-Fi da na data.

Kuskure ɗaya da ake yawan yi wajen wannan binciken shi ne kwatanta lokuta biyu da ba su dace ba. Ma'aunin Android yana bin zagayen wata da aka saita masa, wanda ba lallai ya yi daidai da ranar da ka sayi data ba. Na iPhone kuwa, abin da ya kira `Current Period` yakan ci gaba da taruwa tun ranar da aka share shi na ƙarshe, wanda zai iya zama shekara biyu baya. Hanyar da ta dace ita ce ranar da ka sayi data ka daidaita ranar farawa, ko ka danna `Reset Statistics`, ka rubuta abin da kamfani ya ce kana da shi, bayan kwana biyu ko uku ka cire ka kwatanta. Ɗan bambanci ba abin mamaki ba ne, domin ma'aunan biyu ba a wuri ɗaya suke ƙirga ba, kuma na kamfani yakan yi jinkirin nunawa. In wayar ta ce MB 900, kamfani ya ce 950, babu magana. In wayar ta ce 300, kamfani ya ce GB biyu, to a fara duba sharuɗɗan abin da aka saya, ko wani kaso na dare ne kawai, ko na wasu manhajoji, ko kyauta ce mai gajeren wa'adi. In duk ba haka ba ne, yanzu kana da lambobin da za ka kai ƙara da su.

Sai dai a san iyakar makunnan tanadi. `Data Saver` na Android, wanda ya zo da Android 7 a 2016, babban aikinsa hana manhajoji cin data a bayan fage ne. Manhajar da ke buɗe a gabanka yana sanar da ita ne kawai cewa ana tanadi, ya rage nata ta rage ko ta ƙi. Shi ya sa mutum zai kunna shi ya ga kusan babu canji, ya ce ba ya aiki. Yana aiki, sai dai ba inda datarsa ke zuba ba. Bidiyo a cikin kowace manhaja ake ɗaure shi, ɗaya bayan ɗaya: a kashe kunna kai inda aka ba da dama, a kunna tanadin data na manhajar, a sauke matakin hoto. A manhajojin gajerun bidiyo ba a iya kashe kunna kai, tunda shi ne manhajar, sai dai rage nauyin. Mutumin misalinmu, in ya sauko daga 720p zuwa 480p bai rage ko minti ɗaya na kallonsa ba, cin bidiyonsa zai faɗo daga MB 280 zuwa kusan 125 a rana. A haɗa da 40 na hira, 165 ke nan, ƙasa kaɗan da rabonsa na 167, muddin ajiyar kwafi da sabuntawa sun koma kan Wi-Fi da ba a ƙirgawa.